Nazarin lamari: giɓin aniyon a jinin mai ciwon suga da ke amai

Wata mata mai shekara 58 da ke da ciwon suga nau'i na biyu ta zo sashen gaggawa bayan kwana uku tana amai. Ba ta iya riƙe abinci, cikinta na ciwo sama-sama, jikinta ya mutu. Tana shan metfomin da emfagiliflozin, tana kuma yin allurar insulin da dare, amma tun da aman ya fara ta dakatar da allurar, don a ganinta wanda ba ya cin abinci ba ya buƙatar insulin. Ƙwayoyin kuwa ta ci gaba da haɗiyarsu duk lokacin da cikin ya lafa. Bugun zuciyarta 108 a minti, hawan jininta 104/66, bakinta a bushe, numfashinta ya ɗan ƙaru amma bai kai na mai haki ba. Nauyinta kilo 70.

Ga abin da gwajin sinadaran jini ya nuna, da na iskar jini da aka ɗauka a lokaci guda:

```
Na 136   K 4.9   Cl 94   HCO3 18   (mmol/L)
Glucose 11   Urea 12   (mmol/L)
Creatinine 150 µmol/L   Albumin 2.8 g/dL
pH 7.35   pCO2 34 mmHg
```

Wanda ya dubi takardar nan a gurguje ba zai razana ba. Sugan 11 ne kacal, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai ciwon suga. Lambar pH tana bakin iyakar lafiya. Baikabonet ya ɗan sauka, ƙoda ta ɗan taɓu, duk ana iya ɗora su a kan rashin ruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce ciwon ciki ne, a yi mata ƙarin ruwa, a ba ta maganin amai, ta koma gida. Abin da ke hana wannan kuskuren lissafi ne na lambobi uku da ke kan takardar tun farko.

Lissafin da abin da yake aunawa

Ruwan jini ba ya ɗauke da caji mai rinjaye. Jimillar sinadarai masu cajin + daidai take da jimillar masu cajin −, kamar sikelin da bai karkata ba. Sai dai gwajin yau da kullum ba ya auna kowa da kowa. A ɓangaren + yana ba da sodiyam, wanda shi ne kusan duka nauyin wannan ɓangare. A ɓangaren − yana ba da kuloraid da baikabonet, waɗanda su ne manya amma ba su kaɗai ba ne. Idan aka haɗa waɗannan biyun aka cire daga sodiyam, sai a ga saura:

```
AG = Na − (Cl + HCO3)
```

Wannan sauran shi ne giɓin aniyon. A cikin jinin babu wani gurbi da ya rage fanko. Lambar tana wakiltar aniyon, wato sinadarai masu cajin −, da ke nan amma ba a auna su ba, bayan an rage 'yan sinadarai masu cajin + da su ma ba a sa su a lissafi ba, wato fotasiyam da kalsiyam da magniziyam. A jikin mai lafiya mafi yawan wannan giɓi albumin ne, sai fosfet da salfet da ɗan laktet.

Amfanin lambar yana fitowa ne idan wani asid ya shiga jini. Asid yana rabuwa gida biyu: haidirojin da aniyon ɗinsa. Haidirojin yana cinye baikabonet, aniyon ɗin kuma ya zauna a gurbin baikabonet ɗin da ya tafi. Da yake ba a auna shi, baikabonet ya sauka, kuloraid bai motsa ba, sai giɓi ya faɗaɗa. Idan kuwa baikabonet zubewa ya yi ta hanji, kamar a gudawa, ko ta ƙoda, kuloraid ne ke hawa ya cike gurbin, giɓin ya tsaya inda yake. Da wannan bambancin ake raba asidosis na jiki, wato rinjayar asid a jini da ba daga huhu ta fito ba, gida biyu tun kafin a nemi wani gwaji.

A yawancin ɗakunan gwaji na yanzu iyakar lafiya ta sama tana wajen 12. Tsofaffin littattafai suna kai ta 16, domin na'urorin da suna ba da kuloraid ƙasa da na yanzu. Wasu ɗakunan kuma suna haɗa fotasiyam da sodiyam kafin su cire, abin da ke ɗaga iyakar da kusan 4. Don haka kafin a ce giɓi ya hau, a san wane lissafi ɗakin gwajin ke bi da kuma iyakar da ya rubuta. A nan za mu ɗauki 12 a matsayin iyakar sama, ba tare da fotasiyam ba. A lura kuma cewa takardu da yawa ba sa rubuta `HCO3`, sai `CO2` ko `TCO2`. Shi ne ake sawa a lissafin, ko da yake yakan ɗara ainihin baikabonet da 1 ko 2.

Ga matar nan, 94 da 18 sun ba da 112. A cire daga 136, saura 24. Ninki biyu ke nan na iyakar lafiya.

Gyaran albumin

Lambar 24 ma ba ta faɗi gaskiya duka ba. Tunda albumin ne ke riƙe da kaso mafi girma na giɓin mai lafiya, wanda albumin ɗinsa ya yi ƙasa giɓinsa na asali ma ƙarami ne. Kowane 1 g/dL na albumin yana ɗauke da cajin − kusan 2.5. Mutumin da albumin ɗinsa ya faɗi daga 4.0 zuwa 2.0 ya rasa 5 daga giɓinsa tun kafin komai ya same shi. Idan aka lissafa masa aka samu 12, kada a ce lafiya lau: kamata ya yi a samu 7, kuma wani aniyon ne ya cike ragowar biyar ɗin. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake rasa laktet mai yawa a jikin masu ciwon hanta, masu zubar da furotin ta fitsari, da waɗanda suka daɗe a kwance a sashen kulawa ta musamman.

```
AG(corr) = AG + 2.5 × (4.0 − albumin g/dL)
```

Idan takardar ta ba da albumin a g/L, sai a yi amfani da 0.25 da 40 a maimakon 2.5 da 4.0. Rikita waɗannan ma'auni biyu yakan fitar da lambar da hankali ba ya ɗauka, kuma yana faruwa fiye da yadda ake zato. Albumin ɗin matar 2.8 ne, ya gaza da 1.2. A ninka da 2.5, an samu 3. Giɓinta na gaskiya 27 ne.

Akwai wani gyaran da ba a yi a nan. Idan suga ya hau sosai yakan janyo ruwa daga cikin ƙwayoyin jiki ya tsarma sodiyam, shi ya sa ake lissafa gyararren sodiyam don sanin yawan ruwan da mara lafiya ya rasa. Amma ba a sa wannan gyararren a lissafin giɓi. Ruwan da ya tsarma sodiyam ya tsarma kuloraid da baikabonet ma, don haka a yi aiki da lambar da na'ura ta auna, in ba haka ba za a ƙirƙiri giɓin da babu shi.

Me ya sa pH bai faɗi ba

Giɓi 27 yana nufin akwai baƙon asid kusan 15 mmol/L a jini, wato 27 a cire 12. Da asid ɗin nan shi kaɗai yake aiki, da ya cinye baikabonet kusan daidai da haka, ya sauko da shi daga 24 zuwa wajen 9 ko 10. Amma 18 muke gani. Saukar 6 ce kawai. Wannan saɓanin shi ne mabuɗin lamarin duka, kuma ana auna shi ta hanyar raba hawan giɓi da saukar baikabonet:

```
(AG − 12) / (24 − HCO3) = 15 / 6 = 2.5
```

Idan sakamakon yana tsakanin 1 zuwa 2, galibi asidosis mai giɓi ne shi kaɗai. Idan ya gaza 1 sosai, baikabonet ya faɗi fiye da abin da giɓin zai iya bayyanawa, ke nan akwai wani asidosis na kuloraid a gefe, kamar na gudawa. Idan ya haura 2, wani abu yana ɗaga baikabonet a ɓoye. A jikin matar nan ba sai an yi dogon nema ba. Kwana uku tana zubar da asid ɗin ciki, wanda haidirojin ne da kuloraid, kuma kuloraid ɗinta na 94 ya tabbatar da haka. Amai ya haifar da alkalosis, wato kishiyar asidosis, wanda da shi kaɗai ne da baikabonet ɗinta ya kai wajen 33. Cuta biyu ne ke jan pH, kowacce zuwa nata ɓangaren, har suka bar shi a 7.35 kamar ba abin da ya faru.

Kada a ɗauki wannan rabon kamar ma'aunin zinariya. Ya dogara da zaton cewa mara lafiya ya fara daga 12 da 24, wanda ba kullum ba ne. Nau'in asid ɗin ma yana canza shi: kiton, asid ɗin da hanta ke yi daga kitse, yana fita ta fitsari, don haka rabonsa yakan kusanci 1, laktet kuwa ƙoda tana riƙe shi, rabonsa yakan kusanci 1.6. Lamba kamar 0.9 ko 2.1 ba ta yanke hukunci. Amma 2.5 tare da labarin amai da kuloraid mai ƙasa ba ya barin shakka.

Saura huhu. A asidosis na jiki numfashi yana ƙaruwa don a rage iskar kabon, kuma ana hasashen inda ya kamata ta tsaya da lissafin Winters:

```
pCO2 = 1.5 × HCO3 + 8 (± 2)
```

Da baikabonet 18 ana sa ran 35, tsakanin 33 zuwa 37. Nata 34 ne, huhu yana yin aikinsa daidai, babu cuta ta uku. Da an ga 25, da sai a yi tunanin abin da ke zaburar da numfashi, kamar asfirin mai yawa ko ƙwayar cuta a jini. Da an ga 44, da alama ce ta mai gajiya da numfashi, wanda ke gab da buƙatar taimakon na'ura.

Neman asid ɗin da ya cike giɓin

Abubuwan da ke faɗaɗa giɓi suna da yawa a littafi, amma a gaban gado gida huɗu ne: laktet, kiton, gazawar ƙoda, da guba. Kowanne yana da gwajinsa, kuma dabarar ita ce a riƙa cire abin da aka samu daga 15 ɗin nan har a ga ko an biya lissafin.

An fara da laktet saboda shi ya fi yawa kuma shi ya fi saurin kisa. Yakan hau ne idan iskar oksijin ba ta isa ga naman jiki, kamar a zubar jini, ƙwayar cuta a jini, gazawar zuciya, ko toshewar jijiyar hanji. Yakan hau kuma ba tare da wannan ba, idan hanta ta kasa kwashe shi, ko bayan farfaɗiya, ko a ƙarancin tayamin, ko idan metfomin ya taru saboda ƙoda ta tsaya. Matar nan tana shan metfomin, ƙodarta ta taɓu, cikinta na ciwo, don haka zargin yana da tushe. Sakamakon ya fito 3.5 mmol/L. Ya hau, amma mai lafiya ma yana da kusan 1, ke nan ƙarin 2.5 ne kawai daga cikin 15. Wannan wuri ne da ake yawan tsayawa da wuri: an ga laktet ya yi ja a takarda, sai a ɗora masa laifin duka, alhali bai biya ko kashi ɗaya cikin biyar na giɓin ba. Asidosis na metfomin na gaske yakan zo da laktet mai ninkin wannan sau da yawa da kuma ƙoda da ta lalace fiye da haka.

Ƙoda ba ta ɗauki lokaci ba. Tana faɗaɗa giɓi ne ta hanyar riƙe fosfet da salfet da wasu asid, amma sai aikinta ya ragu ƙwarai, kuma ko a lokacin da wuya giɓin ya wuce 20 da 'yan kai. Kiriyatinin 150 bai isa ya ba da fiye da 1 ko 2 ba.

Kiton ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Idan insulin ya yi ƙaranci, jiki yana narka kitse, hanta ta mayar da shi asid iri biyu, asetoasetet da beta-haidiroksibutiret, sai kuma aseton da ke fitowa daga na farkon, wanda ba shi da caji kuma ba ya shiga giɓi. Tsinken gwajin fitsari yana aiki da naitirofurusaid, wanda ke ganin asetoasetet amma ba ya ganin beta-haidiroksibutiret ko kaɗan. Matsalar ita ce na biyun ne ya fi yawa, ninki uku ko fiye a ciwon suga, kuma rabon yana ƙara karkata gare shi a jikin mashayin giya ko wanda jininsa ba ya zagayawa da kyau. Ke nan tsinken yana iya nuna kiton kaɗan a lokacin da jini ya cika da shi. Yana iya kuma ƙara duhu bayan an fara magani, domin beta-haidiroksibutiret yana komawa asetoasetet kafin ya ƙare, sai a zaci mara lafiya yana taɓarɓarewa alhali sauƙi yake samu. Fitsarin matar ya nuna kiton ++ da suga mai yawa. Gwajin jini kuwa ya ba da beta-haidiroksibutiret, wato BHB, 7.8 mmol/L, inda lafiya ke ƙasa da 0.6.

Yanzu lissafin ya kusa cika. Beta-haidiroksibutiret 7.8, asetoasetet da ba a auna ba wajen 2.5 bisa rabon uku da ɗaya, ƙarin laktet 2.5, jimilla kusan 13. Ragowar 2 ƙoda da rashin ruwa sun isa su bayyana shi.

Duk da haka an duba gida na huɗu, domin guba ba ta jira. Metanol yana komawa asid ɗin fomik a hanta, ya lalata jijiyar gani. Etilin gilaikol, wanda ke cikin ruwan sanyaya inji, yana komawa gilaikolet da okzalet, ya kashe ƙoda. Su kansu waɗannan barasa ba su da caji, don haka da farko ba sa taɓa giɓin aniyon, sai dai su ɗaga kaurin ruwan jini, wato osmolaliti. Ana gano su ta hanyar kwatanta wanda aka auna da wanda aka lissafa:

```
Osm(calc) = 2 × Na + glucose + urea   (mmol/L)
```

Nata 272 da 11 da 12, wato 295. Na'ura ta auna 303. Bambancin 8 ne, ƙasa da 10 da ake fara zargi a kai, kuma aseton kaɗai yana iya ba da wannan. Sai dai a riƙe cewa lambobin biyu suna musayar wuri da lokaci: sa'o'in farko bambancin osmolaliti yana sama, giɓin aniyon yana ƙasa, bayan hanta ta gama juya gubar kuma sai akasin haka. Wanda ya zo a makare yana iya zuwa da bambancin osmolaliti na lafiya da giɓi mai ban tsoro. Saboda haka idan akwai labarin shan wani abu, ko dishi-dishin gani, ko giɓin da laktet da kiton suka kasa biya, ba a jiran tabbaci kafin a toshe aikin hanta a kan gubar da fomefizol ko etanol a kuma tuntuɓi masu wankin ƙoda. Matar nan ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai 'yan tsirarun da ake tunawa da su idan lissafi ya ƙi cika. Asfirin mai yawa yana zuwa da ƙarar kunne da numfashin da ya wuce hasashen Winters. Asid ɗin fairogulutamik yana taruwa a jikin wanda ya daɗe yana shan farasitamol kullum, musamman mace mai ƙarancin abinci ko raunin ƙoda, ko mai karɓar fulukuloksasilin. Sai nau'in laktet na D, wanda ƙwayoyin hanji ke yi a jikin wanda aka yanke masa hanji mai tsawo, kuma gwajin laktet na yau da kullum ba ya ganinsa.

Ganewar cuta da magani

Abin da ke damun matar shi ne kitoasidosis na ciwon suga wanda suga bai hau ba, haɗe da alkalosis na amai da ɗan ƙarin laktet na rashin ruwa. Emfagiliflozin yana cikin magungunan da ke toshe SGLT2, hanyar da ƙoda ke mayar da suga cikin jini, suna sa suga ya riƙa fita ta fitsari ko da insulin ko babu. Da ta daina ci ta kuma daina allura, insulin ya yi ƙasa, gulukagon, kishiyar insulin, ya hau, hanta ta shiga yin kiton, amma sugan da zai tona asirin yana tsiyayewa ta fitsari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan a 2015, kuma shi ya sa ake dakatar da irin waɗannan magunguna kwana uku kafin tiyata da kuma duk lokacin da mutum ya kwanta rashin lafiya ba ya ci.

An dakatar da emfagiliflozin da metfomin. An fara ƙarin ruwan gishiri na kashi 0.9, da insulin ta jijiya a kan yunit 0.1 ga kowane kilo a awa, wato yunit 7 a awa. Abin da ya bambanta wannan da kitoasidosis ɗin da aka saba shi ne an haɗa ruwan gulukos na kashi 10 tun daga awar farko, mililita 125 a awa, tunda suganta yana ƙasa da 14. Insulin ɗin ba don sauke suga ake ba da shi ba, don a tsayar da yin kiton ne, kuma ba za a iya ci gaba da shi ba sai ana ciyar da shi da gulukos. Kuskuren da ake yi shi ne a ga suga ya sauka zuwa 6 a kashe insulin, kiton ya dawo. Fotasiyam ɗinta na 4.9 shi ma yaudara ne, domin amai da fitsari sun kwashe na cikin jiki, kuma insulin zai tura ragowar cikin ƙwayoyin jiki cikin 'yan sa'o'i. An riƙa ƙara shi a ruwan tun daga lita ta biyu ana kuma aunawa akai-akai. Ba a ba da baikabonet ba, babu dalilinsa a pH irin wannan.

Bayan awa 12, ta karɓi lita huɗu, aman ya tsaya:

```
Na 139   Cl 110   HCO3 17   Albumin 2.5   BHB 2.0
```

Baikabonet ya ma ragu da 1. Wanda ke bin wannan lambar kaɗai zai ce magani bai ci ba. Amma 139 a cire 127 ya ba da 12, a ƙara gyaran albumin na kusan 4, giɓi ya zama 16 daga 27. Kiton yana tafiya. Abin da ya hana baikabonet hawa shi ne kuloraid, wanda ya tashi daga 94 zuwa 110. Dalili biyu ne. Ruwan gishiri yana ɗauke da kuloraid 154 mmol a kowace lita, sama da na jini sosai, ya wanke alkalosis ɗin amai ya kuma ƙara nasa asidosis. Sannan kowane kiton da ya fita ta fitsari baikabonet ne da jiki zai iya sake samu da ya tsaya aka ƙona shi, don haka ya tafi ke nan. A nan gyaran albumin ya sake yin aiki ta wata fuskar: lambar 12 da ba a gyara ba tana iya sa a ce giɓi ya rufe a kashe insulin, alhali kiton yana 2.0 bai ƙare ba. An ci gaba da insulin da gulukos, aka sauya ruwan zuwa na Hartmann, wanda kuloraid ɗinsa 111 ne.

A awa 24 sodiyam 140, kuloraid 113, baikabonet 18. Giɓi 9, da gyara kusan 13, beta-haidiroksibutiret 0.4, pH 7.34, kiriyatinin ya sauka zuwa 98. Kitoasidosis ya ƙare. Ragowar ƙarancin baikabonet na kuloraid ne, ba ya buƙatar insulin, ƙoda mai aiki tana gyara shi da kanta cikin kwana biyu ko uku. Da ta fara cin abinci aka yi mata allurar insulin ta ƙarƙashin fata, aka bar ta jijiya ta ƙara tafiya na kusan awa guda kafin a cire, don kada a samu tazarar da babu insulin a jini. An ci gaba da auna kiton na jini sau biyu a rana har ta fita, saboda tasirin maganin a ƙoda yana iya daɗewa kwanaki bayan ƙwaya ta ƙarshe, kiton kuma yana iya sake tasowa.

Idan lambar kanta ce ke da matsala

Giɓi lissafi ne daga awo uku, kuskuren kowanne yana shiga cikinsa, shi ya sa bambancin 2 ko 3 tsakanin gwaji biyu ba ya nufin komai. Dole lambobin uku su fito daga jini ɗaya da na'ura ɗaya. Ɗaukar sodiyam daga na'urar iskar jini da kuloraid daga babban ɗakin gwaji yana ba da lambar da ba ta da ma'ana. Kwalbar da ba a cika ba, ko aka bari a buɗe, tana rasa iskar kabon, baikabonet ya sauka, giɓi ya hau a banza. Jinin da ya daɗe a ajiye kafin a raba shi ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin suga suna yin laktet. Alkalosis mai tsanani ma yana ɗaga giɓi da 'yan lambobi, domin yana ƙara wa albumin caji. Saboda haka giɓi na 14 ko 15 a jikin wanda yake garau abin maimaitawa ne kafin a tayar da hankali. Giɓin da ya haura 20 bayan gyaran albumin kuwa da wuya ya zama kuskuren kwalba, ana neman asid ɗinsa ko da pH da baikabonet suna cikin iyakar lafiya.

An sallami matar a kwana na huɗu da baikabonet 22 da giɓin da aka gyara na 11. An mayar mata da metfomin bayan ƙodarta ta daidaita, ba a mayar da emfagiliflozin ba, an kuma rubuta dalilin a takardarta. An ba ta na'urar auna kiton a yatsa, da umarnin cewa ranar da ba ta iya ci, allurar dare ragewa ake yi bisa shawarar likita, ba a dainawa, kuma kiton da ya kai 1.5 ko aman da ya hana ta riƙe ruwa dalili ne na komawa asibiti ko nawa suganta ya nuna.